Kasuwar Sallah a Hannun Tela Take: Yadda Mai Atamfa Zai Tsara Garaɓasarsa

Duk wanda ya taɓa kutsawa cikin Kantin Kwari a daren jajiberin Sallah zai ɗauka wannan ce ranar da masu tufafi suka fi ciniki a duk shekara. Ga cunkoso, ga 'yan dako na neman hanya, ga fitilu ko'ina kamar rana. Amma in mutum ya lura da abin da ke cikin ledojin jama'a, zai ga mayafi ne, da hula, da takalmi, da rigunan yara na kanti, da abaya. Turmin atamfa da yadin shadda ba su da yawa a ciki, domin wanda ya sayi yadi a daren nan ya san ba da shi zai je Idi ba. Kasuwar yadi ta riga ta ci ta watse tun makonni biyu ko uku da suka wuce, ranar da teloli suka daina karɓar ɗinki.

A nan ne masu shagunan atamfa da yawa suke yin asara ba tare da sun sani ba. Suna ƙirga kwanaki daga ranar Sallah, alhali ranar da ya kamata su sa wa ido ita ce ranar da tela zai ce wa mai kaya ya yi haƙuri, ya rufe. Telolin da suka yi suna, musamman masu ɗinkin maza da ake yi wa aiki a wuya da aljihu, da yawansu ba sa kaiwa tsakiyar azumi suna karɓar sabon ɗinki, wasu ma tun kafin a ga wata sun cika. Na mata da na yara sukan ɗan ƙara kwanaki, amma su ma idan aka shiga goman ƙarshe sai dai alfarma, ko kuma a biya kuɗin gaggawa. Saboda haka mai shagon da ya bari sai 20 ga azumi sannan ya fito da rangwamensa, ya yi ragi ne ga mutanen da ba su da inda za su kai kayan.

Mu ɗauki misalin shago matsakaici, irin na unguwa, wanda mai shi ke sarowa daga Kwari yana sayar da ɗai-ɗai. Alƙaluman da zan kawo na misali ne kawai, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya; kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce ya saro atamfa turmi 200, kowane turmi mai yadi shida a kan naira 12,000, yana kuma sayarwa 15,000. Yana da wasu turmi 40 na bara da suka yi kwantai, ga ɗan leshi, ga shadda da yadin maza. Tambayar da ke gabansa ita ce: yaushe zai fara, me zai ba mai saye wanda maƙwabcinsa bai bayar ba, kuma me zai ce?

Lokaci ne farkon abin dubawa, kuma kalanda biyu zai shimfiɗa a gabansa, ta Musulunci da ta bature. Watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, albashi kuwa yana nan a ƙarshen watan bature, don haka inda suke haɗuwa yana sauyawa. A 2024 an ɗauki azumi a Najeriya ranar 11 ga Maris, aka yi Sallah 10 ga Afrilu. Albashin Maris ya shigo ne wajen 18 zuwa 21 ga azumi, wato daidai bakin rufewar teloli. A 2025 kuwa an fara azumi 1 ga Maris, aka yi Sallah 30 ga wata. Albashin Maris na wannan shekarar bai amfani mai yadi da komai ba, ya tafi ne a kaji da kayan miya da goron Sallah. Kuɗin da aka sayi tufafi da shi albashin Fabrairu ne, wanda ya faɗo ana jajiberin azumi, yana kokawa da sukari da gero da man girki. Mai shagon da yawancin abokan cinikinsa ma'aikata ne, dole ya gano wane albashi ne na ƙarshe kafin tela ya rufe, ya kuma tabbata tallarsa ta isa kunnen mutane mako guda kafin kuɗin su shigo. Idan kuɗi suka riga talla zuwa, an gama rabon su kafin a tuna da shi.

A ganina tsakiyar Sha'aban ne lokacin buɗe baki. 'Yan sari da ke zuwa Kano daga Maraɗi da Damagaram, da na Chadi da Kamaru, sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suke yin lodinsu tun kafin azumi. Mai sayar da ɗai-ɗai ma ya kamata kayansa su kasance a kan kanta kafin nan, domin sabon zane mai kyau ba ya jiran wanda ya makara, kuma farashin sari yakan ɗaga idan buƙata ta yi yawa. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa kwanakin farko na azumi, kayan maza zai sa a gaba: shadda yadi biyar na kaftani da wando, yadi goma na mai babbar riga, tunda su ne ɗinkinsu ya fi cin lokaci. Daga ɗaukar azumi zuwa wajen 15 ga wata kasuwar atamfa da leshi ce, da ta yara, waɗanda iyaye kan fara sallama kafin su waiwayi kansu. Bayan nan sai ya juya kanta: yadi ya koma baya, mayafi da hula da ɗinkakkun kaya su fito gaba.

Sai maganar ragi, wadda a nan ne nake so a zauna sosai, domin nan ake yanka jari ana murmushi. Mai shagonmu yana ganin ribarsa a turmi naira 3,000 ce. Ba haka ba ne. Akwai kuɗin mota, da na ɗan dako, da leda, da data, da abin da ake ba yaron shago, da man janareta. A ce duk sun tashi 500 a kan kowane turmi. Ribar gaskiya ta zama 2,500. Idan ya sayar da turmi 200 ɗin nan ba ragi, zai tashi da 500,000. To yanzu ya ga wani ya rubuta ragin kashi 10 cikin 100, shi ma ya bi. Kashi 10 na 15,000 shi ne 1,500. A kunnen mai saye ƙaramin abu ne, amma a aljihun mai shago ribar turmi ta faɗo daga 2,500 zuwa 1,000. Kafin ya sake ganin waccan 500,000, sai ya sayar da turmi 500, alhali 200 gare shi, ba shi kuma da jarin ƙaro 300. Shago zai cika da mutane, kaya za su ƙare, a yi ta yi masa barka, bayan Sallah ya zauna lissafi ya tarar da 200,000.

Akwai wani ramin kuma. Mu mutane ne masu ciniki. Mace ba ta jin ta sayi abu sai ta taya an ce albarka, ta ƙara an sallama. Idan ka sanar cewa turmi ya koma 13,500, daga nan za ta fara tayi, ba daga 15,000 ba. Don haka duk wanda zai yi rangwame a fili, ya faɗa tun a cikin talla cewa wannan shi ne farashin ƙarshe, ya kuma gaya wa yaran shago su tsaya a kai ko da ƙawar matarsa ce ta zo. Ranar da aka sassauta wa mutum ɗaya, kafin magariba labari ya zaga.

Abin da ya fi ragi tsagwaronsa amfani shi ne gyara. A ce mai shagonmu yana saro ƙaramin mayafi a kan 800, wanda a kanta ake sayar da shi 1,500. Idan ya ce duk wadda ta sayi turmi za a ɗora mata mayafin da ya shiga da kalarsa, ita ta ga kyautar 1,500, daidai da wancan ragin, shi kuwa 800 ya fitar, ribarsa ta tsaya a 1,700. Farashin atamfarsa kuma bai karye ba, bayan Sallah ba zai sha wahalar mayar da shi inda yake ba. Mai sayen leshi, wanda yakan zo yadi biyar, ana iya ɗora mata yadin shafi, tunda ko ba a ba ta ba sai ta nema. Sharaɗin kawai shi ne gyaran ya zama abin da mutum zai yi amfani da shi. Kyautar da ta kwana biyu a ƙasan kanta ta yi ƙura, raini take jawowa.

Hanya ta biyu ita ce a haɗa wa gida guda kaya. Magidanci mai mata biyu ba ya sayen turmi ɗaya, kuma ba ya so a ce na wannan ya fi na waccan. Uwa mai 'yan mata uku tana son su fito iri ɗaya ranar yawon Sallah. Ga irin waɗannan sai a ce wanda ya ɗauki turmi uku an rage masa 2,000 a jimla. Ribar turmi uku 7,500 ce, an cire 2,000, saura 5,500 a ciniki ɗaya, a leda ɗaya, kuma mutumin da da zai sayi biyu a nan ya ƙarasa na ukun a wani shago, ya tsaya wuri ɗaya. Irin wannan ragin yana da dalili, domin sai an ƙara saye ake samunsa. Wanda ake yi wa kowa da kowa kuwa, har wanda ya zo da niyyar biyan cikakken kuɗi an mayar masa da canjin da bai nema ba.

Ragi mai zurfi wurinsa ɗaya ne: kwantai. Turmi 40 ɗin nan na bara naira 480,000 ce ke barci a kan kanta, kuma kullum zanen yana ƙara tsufa a idon mata. Gara a fitar da su a 12,500 tun cikin Sha'aban, a juya kuɗin a ɗauko sabon zane 40 da zai kawo 100,000 kafin tela ya rufe. A ware musu gefe guda, kada a cakuɗa su da sababbi, a kuma faɗi gaskiya cewa zanen bara ne. Suna da masu saye: mai neman na zaman gida, mai yi wa 'yan aiki da dangi na ƙauye kayan Sallah, da masu hali da ke saye da yawa don rabawa marayu da mabuƙata a cikin azumi. Wannan rukuni na ƙarshe ya cancanci a neme shi da kansa, a kira shi a waya tun da wuri, domin mutum ɗaya yana iya kwashe rabin kwantan.

Kafin a yanke kowane farashi, a tambayi nawa ake sari yau, ba nawa aka saro ba. Yawancin abin da ke kan kantunanmu daga waje yake zuwa: atamfa mai sauƙin kuɗi daga China, Holan daga kamfanin Vlisco da ke Helmond, shaddar Gezna daga Ostiriya. Duk motsin dala sai ya taɓa su. Tsakanin tsakiyar 2023 da Fabrairun 2024 dala ta tashi daga wajen naira 750 a hannun 'yan canji ta haura 1,500. Waɗanda suka yi ragi a kan tsohon farashi a lokacin sun sayar da kaya da murna, da suka koma sari kuɗin ba su iya mayar da abin da ya fita daga kanta ba. Idan turmin da ka saro 12,000 yau ya koma 14,000 a wurin dila, daga 14,000 za ka fara lissafi.

Biya kaɗan-kaɗan ma hanya ce mai kyau, muddin kayan suna hannunka har a cika. Mace ta zaɓi turminta tun Sha'aban, ta ba da kashi ɗaya cikin uku, wato 5,000, a rubuta sunanta da ranar cikawa, a ce 10 ga azumi. A faɗa mata tun ranar cewa idan lokacin ya wuce za a mayar mata da kuɗinta cif, kaya su koma kanta yayin da sauran masu nema. Wannan ya dace da masu jiran kwasar adashe da masu jiran albashi. Abin da ba na goyon baya shi ne a saki kaya bashi a ce sai bayan Sallah. Bayan Sallah aljihun kowa a bushe yake, ga kuɗin makaranta, kuma kimanin kwana 70 kacal ke tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba, hankali ya riga ya koma kan rago.

Wasu masu shago suna ƙulla yarjejeniya da tela biyu ko uku, su riƙe musu gurbin ɗinki, sai su yi talla cewa wanda ya saya kafin rana kaza an tanadar masa tela. A tsakiyar azumi babu ragin da ya kai wannan daraja. Sai dai nauyi ne mai girma. Idan tela ya saɓa alkawari, ko wuta ta hana shi aiki, ko ya ɓata ɗinki, ba sunansa za a kira ba, naka za a kira. Kada a yi da wanda ba a gwada ba, kuma in ya ce zai iya ɗinki 30, a yi alkawarin 20.

Yanzu saƙo. Yawancin wannan ciniki a waya yake farawa, a Status na WhatsApp, da Instagram, da TikTok, da Facebook. Abin da aka ɗora a Status awa 24 yake yi ya ɓace, don haka wanda ya zuba hoto 60 a dare ɗaya ya yi shiru kwana uku, ya gajiyar da masu kallo ne kawai. Zane biyar zuwa goma kullum, kowane da farashinsa a rubuce, ya fi. Ɓoye farashi a ce sai an yi magana ta ciki yana korar mai kunya, yana kuma cinye lokacin mai shago da amsa tambaya ɗaya sau ɗari. Mai aika saƙo ta Broadcast ya sani mutum 256 kawai jeri ɗaya ke ɗauka, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarsa. Ke nan aikin yana farawa tun watanni kafin azumi, duk wadda ta yi ciniki a roƙe ta ta adana lambar shago.

Hoto a ɗauke shi da hasken rana, a inuwa, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, kuma kada a ƙara masa kala. Rigimar da ta fi yawa a cinikin waya ita ce “ba wannan kalar na gani ba”, kuma a azumi babu lokacin mayar da kaya daga Gusau ko Yola a canzo. Ɗan gajeren bidiyo da aka warware falle ɗaya aka juya gaba da baya ya fi hoto goma. Saƙon murya kuma kada a raina shi. Akwai hajiyoyi da yawa masu kuɗin saye da ba sa son dogon rubutu, amma za su saurari minti ɗaya.

Azumi yana sauya lokutan mutane. Daga la'asar zuwa buɗa-baki mata suna madafa, saƙon da ya shigo a lokacin zai nutse a ƙarƙashin wasu. Bayan an sauko daga asham ne ake zama a duba waya, sai kuma hantsi. A goman ƙarshe, da mutane suka duƙufa ga tahajjud da itikafi, a rage yawan saƙo, a kuma sassauta murya.

Kalmomin kansu ba sa buƙatar ado. Saƙo mai aiki yana faɗin mene ne, nawa ne, zuwa yaushe, da yadda za a samu. Ga irin wanda mai shagonmu zai iya aikawa a ƙarshen Sha'aban: “Salamu alaikum Hajiya, Allah ya kai mu azumi lafiya. Sabbin atamfofin Sallah sun iso, turmi 15,000, kowane da kyautar mayafinsa. Mai ɗaukar uku an rage mata 2,000. Zuwa 10 ga azumi ne, don a samu tela kafin su rufe. Muna aikawa ta mota zuwa wasu garuruwa.” Idan kwana uku suka rage sai ya tuna mata a taƙaice: “Hajiya barka da shan ruwa. Kyautar mayafi za ta ƙare ranar Alhamis, shuɗin nan da kika tambaya saura turmi huɗu.” Wannan na biyun yana aiki ne kawai idan da gaske huɗun suka rage, kuma da gaske ranar Alhamis za a rufe. Wanda ya ce saura huɗu aka zo aka tarar da dila guda, ko ya yi ta ɗaga wa'adi, ya koya wa abokan cinikinsa kada su ƙara gaskata shi.

Haka ma sunan kaya. A kira kwaikwayo da sunansa, kada a ce wa atamfar China Holan, ko a ce wa ƙaramar shadda Gezna don an ga mai saye bai ƙware ba. Addini ya hana algus, ya kuma yi gargaɗi a kan yawan rantsuwa a ciniki, balle mutum yana ɗauke da azumi a bakinsa. Kada kuma a cika baki da kalmar araha a kan kayan Sallah. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, kuma babu matar da ke so a nuna ta a gidan suruka a ce ga atamfar garaɓasa. A yi maganar sabon zane, da kalar da ba ta zuba, da yadin da ba ya zafi, tunda a shekarun nan azumi yana faɗowa ne a watanni masu zafi ko gab da su.

Cunkoson kwanakin nan ne kuma 'yan damfara ke so. Kada kaya su fita saboda an nuna hoton shaidar tura kuɗi. A ga kuɗin sun zauna a asusu tukuna. Masu aika kaya wani gari su sa ranar ƙarshe ta aikawa a cikin talla, su faɗi wanda zai biya kuɗin mota, su kuma ɗauki lambar direba su ba mai kaya.

Babbar Sallah ba a yi mata lodi irin na Ƙarama. Layya ce ke cin kuɗin magidanta, kuma gidaje da yawa kayan da aka ɗinka wata biyu baya ake sake sawa, sai dai a sabunta wa yara. Abin da ya rage a kanta bayan azumi ya fi samun mafita a wurin masu biki, domin aure yana yawa bayan Sallah: masu haɗa lefe, da masu fitar da anko, waɗanda ke neman zane ɗaya turmi 20 ko 30. Don haka tun lokacin sari yana da kyau a ɗauki zane biyu ko uku da yawa, maimakon kowane zane turmi bibbiyu.

Duk tsawon watan, a ajiye littafi ɗaya a gefen kanta. Kowane ciniki a rubuta ranarsa ta azumi, da abin da aka saya, da gyaran da aka ba da, a kuma tambayi mai saye inda ta ga tallar. Sati guda bayan Sallah, idan an huta, a zauna da littafin a cire kuɗin mayafai da ragi da data daga abin da ya shigo, a duba ranar da cinikin yadi ya fara sauka. Wannan ranar ita ce ta gaskiya ta rufewar teloli a unguwarka, kuma daga ita za a ƙirgo baya a sa ranar sarin baɗi.